Numfashin kifi da dalilin da ya sa yake mutuwa a tafkin kiwo kafin gari ya waye

Daga watan Maris zuwa farkon damina ake yawan jin labarin masu kiwon kifi da suka rufe gona da yamma kifinsu lafiya ƙalau, suka dawo da asuba suka tarar da shi a saman ruwa, wani ya mutu, wani yana kakari. Saboda asarar tana zuwa a dare ɗaya, kuma ba a ga alamar ciwo a jikin kifin ba, hankali yakan tafi ga zargin guba, ko abincin da ya lalace, ko wata sabuwar cuta. Duk waɗannan suna iya faruwa, amma a mafi yawan lokuta irin wannan mutuwar kifi da yawa a lokaci guda da ke zuwa a ƙarshen dare ƙarancin iskar oksijin ne ke kawo ta. Kifin ya shaƙe ne alhali yana cikin ruwa, kuma fahimtar hakan tana buƙatar a san yadda yake numfashi, da inda iskar take fitowa, da abin da ke cinye ta.

Wace iska kifi yake shaƙa?

Kifi yana buƙatar oksijin kamar yadda mutum da dabba suke buƙata, domin da ita jiki yake ƙona abinci ya samu ƙarfi. Bambancin shi ne kifi yana ɗaukar oksijin da ta narke ta shiga cikin ruwa, kuma wannan narkakkiyar iska kaɗan ce ƙwarai. A iskar da muke shaƙa, kusan kashi 21 cikin 100 oksijin ce, ta yadda lita ɗaya ta iska take ɗauke da abin da ya haura miligiram 250. Lita ɗaya ta ruwa kuwa, ko da ta cika maƙil da iska, miligiram 8 ko 9 take riƙewa. Wato ruwa yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin 30 na abin da iska take ɗauke da shi, ga shi kuma ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka tura shi ta cikin baki aiki ne da ke cin ƙarfin kifin.

Ma'aunin da ake amfani da shi a kiwon kifi shi ne miligiram nawa na oksijin ke cikin kowace lita. Abin da masana kiwo suka daɗe suna bi ga kifin ruwan ɗumi shi ne daga miligiram 5 zuwa sama kifi yana cikin walwala. Idan ya sauka ƙasa da 3 kifin yakan rage cin abinci, girmansa ya ja baya. Idan ya faɗi ƙasa da 1 ya kuma ɗauki sa'o'i a haka, mutuwa takan biyo baya ga mafi yawan nau'o'in kifi.

Aikin kunnen kifi

Duk wanda ya taɓa gyaran kifi ya san jajayen gaɓoɓin nan da ke gefen kai, a ƙarƙashin murfin da ake kira kunnen kifi. Su ne gaɓoɓin numfashinsa. A kowane gefe akwai lanƙwasassun ƙasusuwa guda huɗu, kowanne yana ɗauke da jeri biyu na siraran tsokoki da suka jeru kamar haƙoran mataji. A jikin kowace tsoka kuma akwai 'yan faya-faye masu yawan gaske waɗanda ido ba ya iya rarrabe su, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Jinin da ke cikinsu ne ya ba gaɓar launin ja. Fatar da ke tsakanin jinin da ruwan sirirriya ce matuƙa, don haka oksijin takan ratsa ta ta shiga jini, gurɓatacciyar iskar kabon da sinadarin amoniya kuma su fita ta hanya ɗaya.

Kifi yakan buɗe baki ya ja ruwa, sannan ya rufe bakin ya tura ruwan ta tsakanin faya-fayen nan ya fita ta ƙarƙashin murfin kunne. Ruwan hanya ɗaya yake bi, ba ya shiga ya dawo ta inda ya shiga kamar iskar huhu. A nan ne hikimar halittar take: jinin da ke cikin faya-fayen yana gudu ne kishiyar hanyar da ruwan yake bi. Da a ce jini da ruwa hanya ɗaya suke bi, da za su daidaita a tsakiya, musayar ta tsaya bayan an ɗauki rabin iskar ko ƙasa da haka. Amma da yake suna saɓawa, jinin da ya kusa cika da oksijin yana haɗuwa da sabon ruwan da ya shigo yanzu, jinin da ba shi da komai kuma yana haɗuwa da ruwan da ya kusa ƙarewa. A ko'ina ruwan ya ɗan fi jinin yawan iska, don haka musayar ba ta tsayawa. Ta wannan hanya wasu kifaye suna iya tsame har kashi 80 cikin 100 na oksijin da ke ruwan da ya bi ta kunnensu, alhali huhun mutum kusan kashi ɗaya cikin huɗu yake ɗauka daga iskar da ya shaƙa.

Wannan tsari yana da iyaka. Oksijin tana tafiya ne daga inda take da yawa zuwa inda take da ƙaranci, babu wani abu a jikin kifi da ke jawo ta da ƙarfi. Idan ta yi ƙasa a ruwan, shigarta jini takan ragu, sai kifin ya ƙara saurin buɗe baki da kaɗa kunne. Wannan ƙarin aiki shi ma oksijin yake ci, har a kai matakin da abin da yake kashewa wajen neman iskar ya kusa cinye abin da yake samu. Daga nan sai ya hau saman ruwa yana tsotsar ɗan siririn ruwan da ke taɓa iska, domin nan ne kaɗai sauran oksijin ta rage.

Haka kuma sirantar da ta sa gaɓar take aiki ita ce ta sa take saurin lalacewa. Laka da ke yawo a ruwa, da amoniyar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, da ƙananan ƙwayoyin cuta masu maƙalewa, duk suna sa faya-fayen su kumbura ko su rufe da majina. Kifin da kunnensa ya lalace yana iya shaƙewa a ruwan da lafiyayyen kifi zai rayu a ciki.

Inda iskar take shigowa da inda take fita

A tafkin ƙasa oksijin tana shigowa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce daga sararin sama ta fuskar ruwa, kuma wannan hanya tana da jinkiri ƙwarai idan ruwan yana tsaye babu iska mai kaɗa shi. Ta biyu, wadda ita ce babba, ita ce ƙananan tsirran nan da ke sa ruwa ya yi kore, dangin gansakuka. Da rana suna amfani da hasken rana su samar da oksijin, har ruwan ya ɗauki fiye da abin da ya saba riƙewa a wajen la'asar. Da rana ta faɗi sai su daina samarwa, amma ba sa daina numfashi. Tsirran da suka ciyar da tafkin da rana su ne suke shiga sahun masu cin iskar da dare, tare da kifin, da ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashi da ragowar abinci a cikin taɓon ƙasa. Saboda haka oksijin takan kai ƙololuwa da yamma, ta yi ta sauka duk tsawon dare, ta kai mafi ƙasa dab da fitowar rana.

Zafi yana ƙara dagula lissafin ta fuska biyu. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 a lita, mai digiri 30 yana riƙe kusan 7.5, mai digiri 35 kuma kusan 7. A lokaci guda, da yake zafin jikin kifi yana bin na ruwa, buƙatarsa ta oksijin takan kusa ninkawa idan zafin ya ƙaru da digiri 10, haka ma ƙwayoyin da ke cikin taɓo. Wannan fuska ta biyu ta fi ta farko nauyi, ko da yake ta farkon aka fi ambata. Shi ya sa tafkin da ya wuce hunturu lami lafiya yake iya kasawa a watan Afrilu ba tare da an ƙara kifi ko ɗaya ba.

Misali da lissafi

A ɗauki tafkin ƙasa mai tsawon mita 20, faɗin mita 10, zurfin mita 1. Ruwansa lita 200,000 ne. A ce an zuba karfasa 600, kuma bayan watanni kowace ta kai giram 300, jimillar nauyinsu kilo 180 ke nan. A ce kowane kilo na kifin yana cin miligiram 300 na oksijin a sa'a, wanda adadi ne da ya dace da kifi mai ƙoshi a ruwan ɗumi. Kifin gaba ɗaya zai ci giram 54 a sa'a. A ƙaddara koren ruwan da taɓon ƙasa suna cin giram 60 a sa'a. Jimilla giram 114, wanda a sa'o'i 12 na dare ya kama giram 1,368.

A ranar da aka yi rana sosai, ruwan yana iya kai miligiram 10 a lita da ƙarfe 6 na yamma, wato giram 2,000 a tafkin duka. Idan aka cire na dare saura giram 632, kusan miligiram 3 a lita. Kifin zai wayi gari a ɗan takure amma da ransa, rana ta fito ta sake cika ruwan, mai gona kuma ba zai lura da komai ba. Amma idan aka wuni da hadari ko hazo mai kauri, tsirran ba su samu haske ba, ruwan ya tsaya a miligiram 7 da yamma, to giram 1,400 kaɗai aka shiga dare da shi. Da wannan cin, kafin ƙarfe 3 na dare an sauka ƙasa da miligiram 2, kafin asuba kuma kusan babu abin da ya rage. Iskar da ke shigowa ta saman ruwa tana ɗan rage gibin, amma a dare mai tsit ba ta isa ta cike shi.

Abu biyu ne suka fito daga wannan lissafi. Na farko, fiye da rabin iskar ba kifin ne ya cinye ta ba, koren ruwa ne da dattin da ke ƙasa. Na biyu, a lokacin da kifin yake giram 100, jimillar nauyinsa kilo 60 ne kawai, kuma daren hadari ba zai yi masa irin wannan ɓarna ba. Haɗarin yana girma ne tare da kifin, ya kai matuƙa a makonnin ƙarshe kafin sayarwa, lokacin da an riga an zuba kusan duk kuɗin abinci a cikinsa.

Akwai wasu yanayi biyu da ke kawo faɗuwar ba zato. Ɗaya shi ne mutuwar koren ruwan a lokaci guda, inda ruwan zai juya daga kore zuwa ruwan ƙasa ko toka-toka, ya fara wari. A nan an rasa masu samar da iska, gawarsu kuma ta zama abin ruɓewa mai cin iska. Ɗayan yana zuwa da ruwan sama na farko. A lokacin zafi, ruwan saman tafki mai zurfi yakan yi ɗumi ya zauna a sama, na ƙasa ya yi sanyi ya rasa iska gaba ɗaya. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi da iska, sai saman ya huce ya nitse, na ƙasan ya taso da ruɓaɓɓen taɓo, duka su gauraya. Wannan ne dalilin da ya sa ake jin mutuwar kifi washegarin ruwan sama, har wasu su ɗauka ruwan saman ne ke da guba.

Batun tarwaɗa

Mafi yawan masu kiwo a Nijeriya tarwaɗa suke kiwo, a kwamin siminti ko na tamfol ko tankin roba, kuma a cikinsu akwai masu ganin maganar oksijin ba ta shafe su ba. Suna da hujja. Bayan gaɓoɓin numfashin da kowane kifi yake da su, tarwaɗa tana da wata gaɓa mai rassa a cikin wani kogo a saman kunnenta, wadda take ɗaukar oksijin kai tsaye daga iska. Shi ya sa take hawowa ta haɗiyi iska ta koma, shi ya sa kuma take daɗewa da rai a cikin baho a kasuwa muddin jikinta da danshi. Wannan baiwa ce ta sa ake iya tara ta da yawa a ɗan ƙaramin kwami, a cunkoson da karfasa ba za ta kwana a ciki ba.

Sai dai hujjar ba ta rufe komai ba. 'Ya'yan tarwaɗa ba sa fitowa da wannan gaɓa, sai bayan wasu makonni take tsirowa, don haka a wurin ƙyanƙyasa da renon ƙanana ƙarancin iska yana kashe su kamar kowane kifi. Babbar tarwaɗa kuma, ko da ba ta mutu ba, yawan hawa da sauka yana cin ƙarfin da ya kamata ya zama nama, tana rage cin abinci, kuma jikinta yakan yi rauni ga cututtukan fata. Sannan ruwan da babu oksijin a cikinsa ba ya iya sarrafa dattinsa. Ƙwayoyin halittar da ke mayar da amoniya abu marar lahani suna buƙatar oksijin, idan aikinsu ya tsaya a rabi sai sinadarin naitirait ya taru. Shi kuma yana shiga jini ta kunne ya hana shi ɗaukar oksijin, har jinin da kunnen su koma launin ruwan ƙasa. Kifin da jininsa ya lalace haka, haɗiyar iska ba za ta cece shi ba. Gaskiyar magana ita ce ga babbar tarwaɗa asarar ba kasafai take zuwa a dare ɗaya ba, tana fitowa ne a ranar awo, lokacin da buhunan abincin da aka ci suka fi ƙarfin nauyin da aka samu.

Yadda ake rarrabe ƙarancin iska da cuta ko guba

Lokaci shi ne shaida ta farko. Idan kifi ya taru a saman ruwa ko a bakin bututun da ruwa ke shigowa tun kafin asuba, sannan ya koma ƙasa bayan rana ta ɗaga, to iska ce ta yi ƙaranci. Manyan kifaye su ne sukan fara mutuwa, kuma ana samun su baki a buɗe, murfin kunne a wangale. Cuta kuwa takan ɗauki kwanaki tana kashe kaɗan-kaɗan, tare da gyambo ko kumburin ciki ko zubewar fata. Guba, misali maganin feshi da ruwa ya kwaso daga gona, tana iya zuwa a kowane lokaci na yini, takan fara da ƙananan kifaye, kuma ana ganin kifin yana iyo a birkice ko yana karkarwa.

Wannan rarrabewa tana da amfani a aikace, domin mai kiwon da ya ɗauka cuta ce yakan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ya ƙara iska ko kaɗan. Wasu magungunan ma, kamar fomalin da masu kashe gansakuka, suna ƙara rage ta. Wanda yake da na'urar auna oksijin ya kamata ya auna da asuba da kuma yamma, domin awon tsakar rana yakan nuna komai lafiya. Wanda ba shi da ita yana iya tsoma hannu a tafkin ƙasa: idan tafin hannu ya ɓace kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, koren ya yi kauri, sai a dakatar da zuba taki a kuma rage abinci.

Hanyoyin da ake bi da abin da kowacce take ci

Masu kwami sun fi dogara ga sauya ruwa, kuma amfaninsa shi ne yana fitar da datti da amoniya tare. Matsalarsa ita ce ruwan rijiyar burtsatse yakan fito da oksijin kaɗan ko babu, saboda ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka tura shi ta bututun da ke nitse a cikin kwami, ba a ƙara iska sosai ba. Ya kamata a bar shi ya faɗo daga sama yana fantsama, ko ya bi ta bututu mai huji-huji. Ga kuma kuɗin man janareta, wanda ya yi tsada tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Masu goyon bayan injin hura iska ko na kaɗa ruwa suna cewa shi ne ke ba da damar ƙara yawan kifi a wuri ɗaya, kuma haka ne. Amma wanda ya cika tafki bisa dogaro da inji ya ɗaura rayuwar kifinsa a kan wuta, a sa'o'in da aka fi buƙatarta, daga tsakar dare zuwa fitowar rana. Na'urar hasken rana ba ta aiki a wannan lokaci sai da batir. Hanya ta uku ita ce rage yawan kifi tun farko, ko a sayar da manyan a hankali kafin tsananin zafi. Ba ta cin kuɗin mai, amma tana rage abin da za a girba a kowane zagaye. Ga ƙaramin mai kiwo da ba shi da tabbacin wuta, ita ce ta fi ƙarancin haɗari, ko da yake masu babban jari da ke da janareta na ko-ta-kwana suna da dalilin zaɓar inji.

Abinci yana ƙarƙashin dukkan hanyoyin uku. Bayan kifi ya ci, buƙatarsa ta oksijin takan tashi na wasu sa'o'i, don haka ciyarwa mai nauyi da magariba tana haɗa wannan tashi da lokacin da iskar take sauka. A ranar hadari, ko ranar da aka ga kifi ya yi sanyin ci, rage abincin ko hana shi gaba ɗaya ya fi aminci, domin kifi yana jure yunwar kwana ɗaya ko biyu ba tare da lahani ba. Idan kuma an riga an tarar da shi a sama yana kakari, matakin gaggawa shi ne a tsayar da abinci, a kunna injin ban ruwa ya ja ruwa daga kusa da saman tafkin ya watsa shi sama ya dawo, a kuma kiyaye kada a tayar da taɓon ƙasa.

Abin da yake jawowa ga jama'a

Abinci shi ne ke cin fiye da rabin kuɗin kiwon kifi, kuma da yawa daga masu kiwo da bashi ko adashi suke sayensa. Idan kifin ya mutu dab da sayarwa, jarin ya tafi, bashin kuma yana nan. Wanda ya ga kifinsa yana galabaita yakan kira dillalai cikin gaggawa ya sayar a farashin da suka yanka, ko ya kai wa masu banda. Kifin da ya mutu don ƙarancin iska ba shi da guba a namansa, amma a zafin bazara yana fara lalacewa cikin 'yan sa'o'i. Mai saye zai iya ɗaga murfin kunnen ya duba: na sabon kifi ja ne mai haske, ba shi da wari, wanda ya jima kuwa yakan koɗe ko ya yi duhu, ya yi yauƙi. Maƙwabta ma abin yana shafarsu, domin ruwan kwami mai ɗauke da kashi da ragowar abinci idan aka sake shi cikin kududdufi ko rafi yana ciyar da gansakuka a can, ya jawo wa kifin da masunta suka dogara da shi irin faɗuwar iskar da ta faru a gonar.